Auna launin fata da na'ura: abin da lamba ke faɗa da inda take gazawa

A shekarar 2013 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta fitar da jagora ga kamfanonin da ke ƙera na'urar nan da ake maƙala wa majinyaci a ɗan yatsa domin a ga yawan iskar oksijin da ke cikin jininsa. Jagorar ta ce a gwada na'urar a kan mutum goma ko fiye, kuma a cikinsu a samu masu duhun fata aƙalla biyu, ko kashi 15 cikin 100 na waɗanda aka gwada. Sai dai ba ta faɗi yadda za a gane duhun ba, kuma ba ta ja iyakar da mutum zai tsallaka kafin a kira shi mai duhun fata ba. Saboda haka kamfani ɗaya yana iya kawo mutum biyu wankan tarwaɗa ya ce ya cika sharaɗi, wani kuma ya kawo biyu baƙaƙe wuluk, a takarda kuwa duka biyun abu ɗaya suka yi.

Illar wannan sakaci ta fito fili a watan Disamba na 2020, lokacin da Michael Sjoding da abokan aikinsa na Jami'ar Michigan suka kwatanta abin da na'urar yatsa ta nuna da abin da aka samu bayan an ɗebi jini daga jijiya an auna. Sun duba lokutan da na'urar ta nuna kashi 92 zuwa 96, wato ba abin tashin hankali, alhali ainihin oksijin ɗin jinin bai kai kashi 88 ba. A asibitin jami'ar hakan ya faru a kashi 11.7 cikin 100 na awon da aka yi wa majinyata baƙar fata, da kashi 3.6 na awon da aka yi wa fararen fata. Binciken ya yi tasiri ƙwarai, amma shi ma yana da gurbin da ya gada daga takardun asibiti, domin abin da aka rubuta a kan kowane majinyaci jinsin da ya ce shi ne, wato fari ko baƙi, ba wanda ya auna fatarsa. Don haka binciken ya nuna cewa akwai matsala, amma bai iya nuna daga wane mataki na duhu take farawa ba, ko kuma yadda take ƙaruwa idan duhun ya ƙaru. Injiniyan da ke son gyara na'urar kuwa wannan ne ainihin abin da yake buƙatar sani.

Masu bincike sun daɗe da gane cewa kalma ba ta isa. Masanin halittar ɗan Adam Felix von Luschan ya haɗa ƙananan falayen gilashi guda 36, kowanne da launinsa, ana kara su a jikin mutum a zaɓi wanda ya fi kama da fatarsa, kuma an yi ta amfani da su har zuwa tsakiyar ƙarni na 20. Matsalarsu ita ce har yanzu ido ne alƙali: mutum biyu sukan duba hannu ɗaya su zaɓi lamba daban, kuma wanda ya duba da hantsi a waje ba lalle ne ya ga abin da ya gani da yamma a cikin ɗaki ba. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a asibitoci a yau shi ne na Thomas Fitzpatrick, likitan fata na Harvard, wanda ya tsara shi a 1975 domin ya san yawan hasken da zai haska wa masu wata cutar fata ba tare da ya ƙona su ba. Tambaya ake yi wa mutum, ko rana tana ƙona fatarsa ko tana sa ta yi duhu, kuma da farko rukuni huɗu ne kawai, duk na fararen fata. Daga baya aka ƙara na biyar da na shida, sai ya zamana an cusa mafi yawan mutanen Afirka da na Kudancin Asiya cikin akwati biyu. A ganina babban laifin ba na Fitzpatrick ba ne, na waɗanda suka ɗauki ma'aunin ƙunar rana suka mayar da shi ma'aunin launi ne.

Na'urar auna launi ta cire ido daga cikin lamarin. Tana da ɗan baki da ake kifawa a kan fata yadda hasken waje ba zai shiga ba, sai ta haska nata hasken da aka san ƙarfinsa, ta kuma ƙirga kashi nawa ne ya dawo. Abubuwa biyu ne suka fi shanye haske a fatar mutum. Na farko melanin, wanda ke cikin ɓawon fata na sama, kuma shi ne ke kawo duhu. Yawan ƙwayoyin da ke sarrafa shi kusan ɗaya ne a jikin kowa, bambancin yana ga yawan abin da suke samarwa da yadda yake bazuwa. Na biyu himogulobin, wato sinadarin da ke ba jini launinsa, wanda ke cikin ƙananan jijiyoyin da ke ƙarƙashin ɓawon. Dabarar raba su ita ce himogulobin yana shan koren haske sosai amma yana barin ja ya wuce, shi kuwa melanin yana shan duka biyun. Idan aka haska jan haske aka ga kaɗan ne ya dawo, to mafi yawan abin da ya ɓace melanin ne ya shanye shi. Tun a shekarun 1950 masana suka fara yawo da irin wannan na'ura ƙirar kamfanin EEL na Birtaniya, suna dogara da awon da ake yi da jan haske na nanomita 685, nanomita kuwa ma'aunin tsawon zangon haske ne. Na'urorin baya-bayan nan irin su DermaSpectrometer suna amfani da koren haske na nanomita 568 da ja na nanomita 655.

Daga kason jan hasken da ya dawo ake fitar da abin da ake kira ma'aunin melanin, kuma wata sananniyar hanyar lissafa shi ita ce wannan, inda R yake nufin kason hasken da ya dawo, kamar 0.5 idan rabi ne ya dawo:

```
M = 100 × log10(1 / R)
```

Fatar da ta maido rabin hasken tana samun 30, wadda ta maido rubu'i tana samun 60, wadda kuma ta maido kashi ɗaya cikin takwas tana samun 90. Wato duk lokacin da hasken da ke dawowa ya ragu da rabi, ma'aunin yana ƙaruwa da 30. A nan akwai wani abu da ya kamata duk mai auna fata mai duhu ya riƙe. A ce wani abu ya ƙara wa na'urar haske na kashi ɗaya tak cikin 100, kamar ƙyallin mai ko hasken da ya kutso ta gefen bakinta. A fatar da ke maido kashi 50, awon zai koma 51, ma'aunin ya sauka daga 30.1 zuwa 29.2, bambancin bai kai maki ɗaya ba. A fatar da ke maido kashi 10 kuwa, awon zai koma 11, ma'aunin ya sauka daga 100 zuwa 95.9, sama da maki huɗu ke nan. Kuskure iri ɗaya ya fi ninki huɗu a kan fata mai duhu, kuma yana karkata ne zuwa ga nuna ta da haske fiye da yadda take.

Hanya ta biyu, wadda masu binciken na'urorin asibiti suka fi karkata gare ta yanzu, ta fito ne daga tsarin auna launi da hukumar kula da ma'aunin haske ta duniya, CIE, ta tsayar a 1976. A wannan tsari kowane launi yana da lambobi uku: L* na nuna haske, daga 0 mai nufin baƙi ƙirin zuwa 100 mai nufin fari fat, a* na nuna karkata zuwa ja ko kore, b* kuma zuwa rawaya ko shuɗi. A 1991 Alain Chardon da abokan aikinsa suka haɗa L* da b* suka fitar da kusurwa guda, wadda ake kira ITA:

```
ITA = arctan((L* − 50) / b*) × 180 / π
```

An bar a* a gefe da gangan, domin ita ce ta fi motsi idan jini ya taso ko ya janye. Kusurwar da ta haura digiri 55 ana lissafa ta fata mai haske ƙwarai, daga nan a yi ta sauka ta kan iyakokin 41 da 28 da 10, wadda ta faɗa tsakanin 10 sama da sifili da 30 ƙasa da sifili a kira ta ruwan ƙasa, wadda kuma ta zarce 30 ƙasa da sifili a kira ta mai duhu.

Bari mu ɗauki misali da lambobin da aka zaɓa domin bayani. Mutum biyu sun zo gwajin na'urar yatsa, kuma a takardar rajista an rubuta wa kowannensu “baƙar fata”. Mai bincike ya fara saita na'urar launi a kan farin falen da kamfani ya haɗo ta da shi, ya bar mutanen su zauna cikin ɗakin na ɗan lokaci har jikinsu ya huce, sannan ya auna kowannensu sau uku a wuri ɗaya, yana ɗaga na'urar yana sake ɗorawa tsakanin awo da awo. Na farko matsakaicin awonsa ya ba da L* 48 da b* 20. An cire 50 daga 48 an sami 2 ƙasa da sifili, an raba da 20, kusurwar ta fito digiri 5.7 ƙasa da sifili. Na biyu L* ɗinsa ya fito 32.4 da 31.8 da 31.8, matsakaici 32, b* kuma 11.3 da 10.8 da 10.9, matsakaici 11. An raba 18 ƙasa da sifili da 11, kusurwar ta fito digiri 58.6 ƙasa da sifili. Tsakaninsu akwai tazarar digiri kusan 53. Wani farin fata mai L* 66 da b* 14 kusurwarsa digiri 48.8 ce, wato tazarar da ke tsakaninsa da mutumin farko kusan daidai take da wadda ke tsakanin mutumin farko da na biyu. Kamfanin da ya cika sharaɗin 2013 da mutum biyu irin na farko bai taɓa gwada na'urarsa a kan rabin faɗin launin ɗan Adam ba, kuma ba wanda zai gane haka daga kalmar da aka rubuta.

Wannan tazara ba ta takarda kaɗai ba ce. A 2017 ƙungiyar masu bincike ƙarƙashin Sarah Tishkoff ta Jami'ar Pennsylvania ta wallafa sakamakon auna fatar mutum 2,092 a Habasha da Tanzaniya da Botswana da na'ura. Sun sami mafi duhun fata a cikin makiyaya masu harsunan Nilo-Sahara na Gabashin Afirka, mafi haske kuma a cikin al'ummar San ta kudancin nahiyar, kuma da yake suna da lamba ga kowane mutum sun iya danganta bambancin da wasu ƙwayoyin gado, ciki har da MFSD12 wanda ba a san yana da hannu a launin fata ba kafin lokacin. Da a ce sun rubuta wa kowa rukuni na shida na Fitzpatrick, da ba su sami abin da za su kwatanta ba.

Sai dai na'ura tana ba da lamba ko an yi aikin daidai ko ba a yi ba, kuma lambar da ke da ɗigo da ƙananan alƙaluma takan sa mai karatu ya sakankance. Tambaya ta farko da ya kamata a yi wa kowane rahoto ita ce a wane wuri na jiki aka auna. Masu nazarin gado suna auna cikin dantse, ɓangaren da ke kallon haƙarƙari, domin rana ba ta cika taɓa shi ba, don haka yana nuna launin da aka haifi mutum da shi. Goshi da bayan hannu suna nuna launin gado haɗe da abin da rana ta ƙara, kuma wannan yana canzawa daga wani lokaci na shekara zuwa wani. Ga mai gwada na'urar oksijin kuwa, hasken ta cikin yatsa yake ratsawa, kuma yatsa fuska biyu gare shi: bayansa yana ɗauke da melanin, cikinsa kuma, kamar tafin hannu, yana da kaɗan ko a jikin mai duhun fata sosai. Mutum ɗaya zai iya faɗawa rukuni biyu ko uku na ITA gwargwadon inda aka ɗora na'urar. Rahoton da ya kawo kusurwa bai faɗi wurin ba, bai yi wa kalmar “mai duhu” nisa sosai ba.

Bayan wuri sai hannun mai awo da halin da fatar take ciki. Idan ya danna na'urar da ƙarfi, jini zai janye daga ƙarƙashinta fatar ta ƙara haske, idan kuma ya sassauta hasken ɗaki zai shiga ta gefe. Gashi da tabo da jijiyar da ta fito fili duk suna canza awo, haka ma zafi ko motsa jiki da ke sa jini ya taso. Saman fata kansa, tun kafin haske ya kai ga melanin, yana maido kusan kashi 4 zuwa 7 cikin 100 na hasken da ya sauka a kai. A fata mai haske wannan ɗan kaso ne na abin da ke dawowa, amma a fatar da jimillar abin da take maidowa bai fi kashi 10 ko 15 ba, babban rabo ne. Shi ya sa bushewar da ke sa fata ta yi furu-furu, ko man shafawa da ke sa ta ƙyalli, suka fi ɓata awo a kan masu duhu, kuma shi ya sa dole a rubuta ko an saita na'urar ta haɗa da ƙyallin saman fata ko ta cire shi. Hanyar gane matsala mai sauƙi ce: idan awo uku na wuri ɗaya suka yi nesa da juna, a sake su, kuma idan matsakaicin mutanen da ma'aikaci ɗaya ya auna ya riƙa fin na abokin aikinsa haske a kullum, to a duba hannunsa kafin a duba mutanen. Haka nan ya kamata a tambayi mutum ko yana shafa man da ke sa fata haske, domin na'ura abin da ta tarar take aunawa.

Ita kanta kusurwar ITA tana da rauni a ɓangaren duhu, wanda ba a cika faɗa ba. Da yake ana raba lissafin da b*, kuma b* yana raguwa idan fata ta yi duhu sosai, ɗan canji a cikinsa yana juya kusurwar. A misalinmu, idan b* na mutum na biyu ya sauka daga 11 zuwa 9 alhali L* yana nan a 32, kusurwar za ta tashi daga 58.6 zuwa 63.4 ƙasa da sifili, ba tare da fatar ta ƙara duhu ko kaɗan ba. Sannan rabe-raben da aka yi mata ba su yi adalci ba, domin an yanka ɓangaren haske gida huɗu, ɓangaren da ya fara daga digiri 10 zuwa ƙasa kuma gida biyu kawai. Mai binciken da ya auna da na'ura sannan ya jefar da lambobin ya buga sunayen rukuni ya koma gidan jiya. Abin da ya fi shi ne a buga kusurwar kowane mutum tare da L* da b* ɗinsa, yadda wani zai iya sake lissafi.

Akwai kuma batun kwatanta bincike da bincike. Ma'aunin melanin ba shi da sikeli guda kamar kilo ko mita, kowane kamfani da nasa zangon haske da nasa lissafi. Na'urar Mexameter tana ba da lamba daga 0 zuwa 999, alhali a lissafin da muka gani a sama fata mai duhu ƙwarai tana wajajen 100 ne. Ko na'urorin da ke ba da L* da b* sukan saɓa idan faɗin bakinsu ya bambanta, domin haske yana yaɗuwa a cikin fata ya fito a gefe, kuma ƙaramin baki yakan rasa wani ɓangare nasa. Wanda zai haɗa sakamakon na'urori biyu sai ya fara auna mutane iri ɗaya da duka biyun, masu haske da masu duhu, ya ga yadda lambobin suke tafiya tare. Hoton waya ba ya maye gurbin wannan aiki, domin kyamara tana gyara haske da launi da kanta, sai dai idan an ɗauki hoton tare da katin launuka da aka san ƙimarsu a ƙarƙashin hasken da ba ya canzawa.

Iyaka ta ƙarshe ta shafi tambayar da binciken ke son amsawa. Idan tambayar ita ce yadda haske ke ratsa fata, kamar a na'urar oksijin mai aiki da jan haske na nanomita 660 da wani na 940 da ido ba ya gani, to na'urar launi ce ta dace. Idan kuwa tambayar ita ce ko ana nuna wa masu duhun fata bambanci wajen ɗaukar aiki ko a gaban kotu, to abin da idon mutane ke gani shi ne ainihin abin nazari, kuma awon cikin dantse ba zai faɗe shi ba. Mark Hill ya nuna a 2002, daga bayanan wani babban bincike a biranen Amurka, cewa fararen masu tambaya suna rubuta baƙaƙen da suka zanta da su da duhu fiye da yadda baƙaƙen masu tambaya suke rubuta su, kuma kowane ɓangare ya fi ganin bambance-bambance a cikin nasa jinsin. Ga mai ƙera na'ura wannan hujja ce ta daina dogara da ido, ga masanin zamantakewa kuwa sakamako ne mai zaman kansa. Sabon daftarin jagora da FDA ta fitar a watan Janairu na 2025 ya riƙe hanyoyin biyu: ya ba da shawarar a gwada na'urar yatsa a kan mutum 150 ko fiye, a tantance launinsu da ma'aunin launuka goma na masanin zamantakewa Ellis Monk, wanda da ido ake duba shi, sannan a auna kusurwar ITA da na'ura.